Sa Hannu Kawai Za Ka Yi: Abin da Ke Wuyan Wanda Ya Tsaya wa Aboki

Maganar ba ta cika zuwa da nauyi ba. Bayan sallar La'asar ne, ko a bakin shago, ko a ofis ana shirin tashi, sai aboki ya jawo ka gefe ya zaro takarda daga aljihu. Banki ya amince zai ba shi rance, saura mutum biyu da za su tsaya masa. "Sa hannu kawai za ka yi," in ji shi. "Ai ka san ni." Ka kuwa san shi. Kun yi makaranta tare, ko kun yi shekara goma kuna sahu ɗaya a masallaci, ranar da aka kwantar da mahaifiyarka a asibiti shi ne ya fara zuwa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, gobe kai ma kana iya neman wanda zai tsaya maka. Sai ka karɓi biro.

Kafin ka sa hannun, dubi abin da aka ce ka haɗo da takardar: hoto, lambar BVN, katin shaidar wurin aiki, takardar albashin wata uku ko shida, wani lokaci har da cak da ka sa wa hannu. In da shaidar halin abokinka kawai ake nema, me ya kawo takardar albashinka? Limamin unguwa ya fi ka cancantar ba da shaidar hali, amma ba shi aka nema ba, ma'aikaci aka nema, wanda ake iya sanin ranar da kuɗinsa ke shiga da asusun da suke shiga. Mai ba da bashi ya riga ya gaya maka abin da yake so da kai tun daga jerin takardun nan. Yana son aljihu na biyu, wanda zai sa hannu a ciki idan na farko ya zama wayam.

Na daɗe da lura cewa yawancin masu tsaya wa mutum ba su jahilci lamuni ba. Wani irin lamuni ne a ransu, takardar kuma wani iri take nufi. Malamanmu na fiƙihun Malikiyya sun rarrabe abin tun da daɗewa, sun kasa shi uku. Akwai lamunin nema, inda abin da ka ɗauka shi ne idan mutumin ya ɓace za ka neme shi ka nuna inda yake, kuma ba za ka biya komai ba sai in ka yi sakaci ko ka taimaka masa ya gudu. Akwai lamunin fuska, inda ka ɗauki alkawarin kawo shi da kansa ranar da wa'adi ya cika, in ka kasa kawo shi biyan ya dawo kanka, sai fa in tun farko ka shardanta cewa babu ruwanka da kuɗi. Sannan akwai lamunin dukiya, wanda ma'anarsa ita ce bashin ya shiga wuyanka kamar yadda yake a wuyansa. Mutumin da ke cewa "ai na san gidansu, na san mahaifinsa, in ya ƙi biya ni zan kai ku har ƙofar ɗakinsa" lamunin nema yake yi a zuciyarsa. Takardar da banki, ko ƙaramin bankin unguwa, ko ƙungiyar adashin ma'aikata ke miƙo masa kuwa kusan kullum lamunin dukiya ce, mafi tsananinsa ma. Ranar da rigima ta tashi, alƙali takardar zai karanta.

Bari mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Lambobin na misali ne, amma tsarin lissafin irin wanda ake gani ne a ƙananan bankuna.

Wani mai shagon siminti ya karɓi rancen naira 1,200,000 na wata 12. Kuɗin ruwa kashi 4 cikin ɗari ne a kowane wata, ana lissafa shi a kan dukan uwar kuɗin daga farko har ƙarshe, wato naira 48,000 duk wata. A shekara kuɗin ruwa ya kama 576,000, jimillar abin da zai biya 1,776,000, kowane wata 148,000. Bankin ya riƙe ajiyarsa ta 120,000 a matsayin jingina. Mutum biyu suka tsaya masa: abokinsa malamin sakandare, da wani ƙanin matarsa mai sayar da kayan gyaran babur. Ya biya wata biyar lafiya lau, 740,000 ke nan. Sai wani ɗan kwangila ya kwashi siminti bashi ya ƙi biya, jari ya karye, shago ya rufe, wayar mai shago ta daina shiga.

Da labari ya iske malamin, ga lissafin da ya yi a ransa. An ranci 1,200,000, an biya 740,000, saura 460,000. Mu biyu ne, kowa 230,000. Da zafi, amma in ya sayar da babur ya haɗa da albashin wata biyu zai fita. Kusan duk wanda ya taɓa tsaya wa mutum irin wannan lissafin yake yi, kuma kuskure biyu ne a cikinsa.

Na farko, 740,000 da aka biya ba duka suka tafi kan uwar kuɗi ba. A kowace 148,000, dubu ɗari ce ta rage bashin, 48,000 kuɗin ruwa ne. Saboda haka uwar kuɗin da ta rage 700,000 ce, ga kuɗin ruwan sauran wata bakwai 336,000. Ranar da wa'adin rancen ya cika ana bin 1,036,000. Agogo kuma bai tsaya a ranar ba. A ce an ƙara wata shida ana neman mai shago kafin a waiwayi malamin. Kuɗin ruwa ya ci gaba da hawa kan 700,000 ɗin, 28,000 duk wata, ya zama 168,000. Ga tarar jinkiri, wadda ƙa'idar Babban Bankin Nijeriya ta kayyade cewa kada ta wuce kashi 1 cikin ɗari a wata na abin da ba a biya ba: 10,360 sau shida, 62,160. Takardar ta ce duk abin da banki ya kashe wajen karɓo kuɗinsa yana kan mai bashi da masu tsaya masa, sai a ce lauya ya ci 100,000. An kai 1,366,160. A cire ajiyar 120,000 da banki ya riƙe, saura 1,246,160. Bayan an biya wata biyar cif, abin da ake nema ya fi abin da aka ranta tun farko.

Kuskure na biyu shi ne rabawa biyu. Takardun lamuni na bankuna kusan duka suna ɗauke da jimlar da ke cewa masu lamunin sun ɗauki nauyin bashin a tare, kuma kowannensu ya ɗauka shi kaɗai. Wannan rabin jimlar na ƙarshe shi ne mai cizo. Yana nufin banki na da ikon ya zaɓi ɗaya daga cikinsu ya nemi dukan kuɗin a wurinsa, ya ƙyale ɗayan. Wa zai zaɓa tsakanin mai kayan babur da ba a san abin da ke shiga aljihunsa ba da malamin da albashinsa ke sauka a asusu duk ƙarshen wata? Wasiƙar da ta iso makarantar tana neman 1,246,160 daga malamin shi kaɗai, fiye da ninki biyar na abin da ya lissafa.

Abin da malamin zai fara faɗa shi ne abin da kowa ke faɗa: "Ku je ku nemi wanda ya ci kuɗin mana. Yana nan da ransa, yana da fili a bayan gari. In kun sayar bai isa ba sai ku zo mu yi magana." A hankalce maganar tana da kyau, kuma tana da asali a wurinmu. Ra'ayin da ya shahara a mazhabar Imamu Malik, wanda ɗalibai ke karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid, shi ne ba a bin mai lamuni sai in wanda ake bi bashin ba shi da abin biya ko ba ya nan. Wanda ya tashi da wannan fahimta bai yi laifi ba in ya ɗauka shi layi na biyu ne. Sai dai ko a fiƙihun, in mai bin bashi ya shardanta tun farko cewa zai karɓa daga wanda ya ga dama a cikinsu, sharaɗin yana aiki. Haka nan masu lamuni da yawa, kowa kasonsa ne a kansa, sai in an shardanta cewa kowannensu ya lamunci sauran. Takardar banki kuwa waɗannan sharuɗɗa biyun ne ginshiƙinta.

A kotunan da ke bin dokar kwangila, inda shari'o'in bankuna ke zuwa, maganar ta fi haka tsauri. Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta sha nanata cewa da zarar mai bashi ya gaza biya, wanda ya tsaya masa ya zama abin bi, kuma lamuni yarjejeniya ce mai zaman kanta tsakaninsa da mai ba da bashi. A wani hukunci na shekarar 2010, a shari'ar bankin UBA da wani da ya tsaya wa kamfani, kotun ta tabbatar da cewa banki na iya kai ƙarar mai lamuni shi kaɗai ba tare da ya haɗa da wanda ya ci bashin ba. Ba dole ne a fara sayar da filin mai shago ba. Ba dole ne ma a fara kai shi ƙara ba. Abin da yawancin takardu ke buƙata kawai shi ne a aiko wa mai lamuni da wasiƙar neman biya, kuma sukan ƙara da cewa in an aika ta adireshin da ya rubuta, an ɗauka ta same shi, ko ya tashi daga gidan ko bai tashi ba.

Ni a ganina wannan ne wurin da ya kamata ma'aikatan banki su ji nauyin Allah. Sun san abin da jimlolin nan ke nufi, sun kuma san mutumin da ke gabansu bai sani ba. Minti biyu sun isa a ce masa da Hausa: "Malam, in bai biya ba kai za ka biya, duka, har da ruwa da tara, kuma ba sai mun neme shi ba tukuna." Da ana faɗin haka, da wasu sun mayar da biro aljihu, waɗanda suka sa hannu kuma sun sa da saninsu. Akwai dokar kare wanda bai iya karatu ba a jihohinmu, wadda ta wajabta wa wanda ya rubuta takarda a madadin irin wannan mutum ya sa sunansa da adireshinsa, alamar cewa an karanta masa an fassara masa kafin ya dangwala. Tana taimakon wasu. Amma wanda ya ce bai iya karatu ba shi zai tabbatar wa kotu da haka, malamin sakandare kuwa ba shi da wannan mafaka. Wanda ya iya karatu ya sa hannu bai karanta ba, doka ta ɗauka ya yarda da abin da ke ciki.

Akwai wata jimlar da ta fi waɗancan ɓoyuwa. Wasu takardun ba rance ɗaya suke lamuncewa ba. Sukan ce mai sa hannu ya tsaya wa duk abin da ake bin wane yanzu da wanda za a bi shi nan gaba, ta kowace fuska, har sai an soke lamunin a rubuce. Da irin wannan takardar malamin ya sa wa hannu, da mai shago zai iya gama biyan rancen farko, ya koma bayan shekara ya karɓi na miliyan uku ba tare da malamin ya ji labari ba, kuma tsohon sa hannun nan yana nan yana aiki. Mutane da yawa suna yawo da irin wannan igiya a wuya, suna zaton sun fita tun ranar da abokinsu ya ce musu "ai na gama da su". Hanyar fita ita ce wasiƙa zuwa ga bankin, a karɓa a buga hatimi a kan kwafinka, kana sanar da su ka janye. Janyewar tana tsayar da abin da za a ƙara ranta bayan ranar, ko bayan wa'adin sanarwar da takardar ta ajiye, amma bashin da ya riga ya hau yana nan a kanka.

Mutuwa ma ba ta share shi. In mai shago ya rasu bashin na nan, mai lamuni na nan a matsayinsa. In malamin ne ya rasu, abin da ya lamunta bashi ne a kan dukiyar da ya bari, ana fitar da shi kafin magada su raba. Musulmi bai kamata wannan ya zo masa da mamaki ba. Sananne ne labarin gawar da aka kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi yi mata salla saboda 'yan dinaran da ake bin mamacin, har sai da Abu Ƙatada ya ce ya ɗauki bashin a kansa. Ɗaukar nan ta Abu Ƙatada biya take nufi, kuma ya biya.

To, ta wace hanya ake karɓar kuɗin a zahiri? A nan ma akwai abin da mai bin bashi ke da iko da shi da abin da yake yi don ya ga ba ka san haƙƙinka ba. In kana da asusu a bankin da ya ba da rancen, takardar takan ba shi damar ɗiba daga ciki kai tsaye. A ƙungiyoyin adashin ma'aikata abin ya fi sauƙi, domin ajiyarka na hannunsu kuma ka riga ka yarda a cire daga albashi. Tun ranar 1 ga Agusta 2020 kuma akwai tsarin Babban Banki da ake kira GSI, wanda ke ba banki damar bin lambar BVN ya ɗebi uwar kuɗi da kuɗin ruwa, ban da tara, daga asusun mutum a wasu bankunan. Yana aiki ne a kan wanda ya sa hannu a takardar izinin, don haka mai lamuni ya duba ko an cusa irinta a cikin tarin takardun da aka miƙo masa. Ban da waɗannan, sai an je kotu an sami hukunci. Bayan hukunci kotu na iya umartar bankinka ya miƙa abin da ke asusunka, ko ta aiko ma'aikatanta su kwashi kaya a yi gwanjo, kuma ba a kaiwa ga gida ko fili sai kayan da ake iya ɗauka sun gaza biyan bashin. Sunan mutum kuma na iya shiga rajistar masu bashin da ba a biya ba, wadda kamfanonin tattara bayanan bashi ke riƙewa a ƙarƙashin dokar 2017, ya je neman rancen kansa a ce masa a'a.

Abin da ba shi da hurumi shi ne ɗan sanda. Bashi da lamuni maganar kwangila ce. Dokar 'yan sanda ta 2020 da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 duka sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, sun kuma hana kama wani a madadin wani. Kotuna sun sha faɗa cewa ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne. Duk da haka ana yi, saboda an san kwana ɗaya a bayan kanta ya isa ya sa dangi su haɗa kuɗi. Wanda aka yi wa haka yana da ikon kai ƙarar tauye haƙƙinsa.

Sai dai akwai ƙofa ɗaya da mai lamuni ke buɗe wa 'yan sanda da hannunsa, ita ce cak. Dokar 1977 a kan cak da banki ya mayar ta sa ba da cak ɗin da babu kuɗin biyansa a asusu cikin laifuka, hukuncinsa ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara, in an gabatar da shi cikin wata uku daga ranar da ke jikinsa. Masu ba da bashi sun san da wannan, shi ya sa suke son mai lamuni ya ajiye cak, musamman wanda ba a rubuta adadi ko kwanan wata ba. Ranar da abu ya ɓaci sai a cike shi da 1,246,160, a kai banki, ya dawo, magana ta tashi daga bashi ta koma zargin laifi. Ko lauyanka zai iya kare ka daga baya, ka riga ka sha zirga-zirga. In da za a ce in zaɓi abu guda da mai tsaya wa aboki zai ƙi yi ko da za a ɓata, to cak ɗin da ba a cike ba ne.

Wani abin da ake rikitawa da lamuni shi ne saƙon masu ba da rance ta waya, wanda ke cewa wane ya sa sunanka a matsayin mai tsaya masa, ka biya ko a tona maka asiri. Lamuni a dokar kwangila sai da rubutu da sa hannun mai lamunin ko wakilinsa, ƙa'idar da ta samo asali daga wata dokar Ingila ta 1677 da muka gada. Don an tsinci lambarka a wayar wani ba ka zama komai ba, ba a bin ka ko kwabo. A gaban alƙalin kotun Musulunci kuwa, tsakanin 'yan kasuwa, furuci ma yana ɗaure mutum in akwai shaidu. Wanda ya ce "ba shi kayan, in bai kawo ba ni zan biya" a gaban mutum biyu a kasuwa ya yi lamunin dukiya, ko ba a rubuta ko harafi ɗaya ba.

Mu koma ga malamin da wasiƙarsa. Ba a ce don an rubuta 1,246,160 shi ke nan sai ya biya ba. Abu na farko da zai nema a rubuce shi ne kwafin takardar da ya sa wa hannu, da takardar yarjejeniyar rancen, da cikakken bayanin asusun tun daga ranar da aka ba da kuɗin. Mai lamuni ba ya ɗaukar fiye da abin da ake bin wanda ya tsaya wa, don haka duk kuskuren lissafi da mai shago zai iya ƙalubalanta, shi ma zai iya. An cire ajiyar 120,000? Tarar ta wuce ƙa'ida? An ɗora ruwa a kan tara? Kuɗin lauyan nan an kashe shi da gaske, takardar kuma ta ambace shi? Sau da yawa a nan ake samun rangwame, domin banki ya fi son kuɗi a hannu yau da shari'ar shekara uku, kuma yakan yarda ya yafe tara da wani ɓangare na ruwa in za a biya uwar kuɗi a tsararren lokaci. Duk abin da aka daidaita a kai a rubuta shi, a kuma rubuta cewa biyan ya sauke lamunin gaba ɗaya.

Abu na biyu da zai duba shi ne ko an canza yarjejeniyar a bayan idonsa. Asalin ƙa'ida ita ce in mai ba da bashi da mai karɓa suka sauya sharuɗɗa ta hanyar da za ta iya cutar da mai lamuni ba da yardarsa ba, kamar a ƙara kuɗin, ko a ɗaure sabon wa'adi, ko a saki jinginar da aka riƙe, to mai lamuni ya fita, ko dai gaba ɗaya ko gwargwadon abin da aka saki. Dalilin a fili yake: abin da ya yarda ya tsaya wa daban, abin da aka mayar da shi daban. Lauyoyin bankuna sun san wannan ƙa'idar sarai, shi ya sa takardunsu ke ɗauke da sakin layin da ke cewa mai lamuni ya yarda tun yanzu a yi duk waɗannan ba tare da an tambaye shi ba. Amma ba kowace takarda ce ke da shi ba. Ta ƙungiyar adashi ko ta mai ba da bashi na unguwa takan zama shafi ɗaya, kuma a irinta wannan kariya tana nan da ƙarfinta. Kuɗin da za a ba lauya ya karanta shafukan nan bai kai kuɗin ruwan wata ɗaya ba.

In ya biya, doka ba ta bar shi hannu rabbana ba. Yana da haƙƙin bin mai shago duk abin da ya biya a madadinsa, a wannan fiƙihu da dokar kwangila bakinsu ɗaya. Yana da haƙƙin bin ƙanin matar rabin kuɗin, 623,080, tunda bashi ɗaya suka tsaya wa, ko da banki bai taɓa neman wancan ba. In ya biya duka, yana kuma da haƙƙin ya hau matsayin bankin a kan duk jinginar da aka riƙe, takardar fili ce ko ta mota, don haka kada ya bari a mayar wa mai shago da ita. Waɗannan haƙƙoƙi ne na gaske, sai dai amfaninsu ya dogara ga abin da ke hannun wanda za a bi. Mutumin da banki da lauyoyinsa suka kasa tatsa, malamin makaranta ba zai same shi da sauƙi ba, ga kuma surukai da maƙwabta da za su zo suna cewa a yi haƙuri, zumunci ya fi kuɗi.

Ban ce kada a tsaya wa kowa ba. Da babu masu tsayawa, da yaron da ya gama koyon ɗinki bai sami keke ba, da mai ƙaramin jari bai taɓa ganin ƙofar banki ba, kuma malamai sun sa lamuni cikin ayyukan alheri, shi ya sa ma suka hana karɓar lada a kansa. Amma alheri da dukiya ake yin sa, kuma mutum yakan san nawa zai bayar kafin ya bayar. Da malamin ya tambayi kansa nawa zai iya rasawa gidansa bai girgiza ba, wataƙila amsar ita ce 300,000. Yana iya neman a rubuta wannan adadin a takardar, da lamba da kalmomi, a ce iyakar abin da ke kansa ke nan har da ruwa da tara da kuɗin lauya, domin in ba a faɗi haka ba sai a ɗora su a saman adadin. Yana iya neman a rubuta lambar wannan rancen da ranarsa, a soke maganar bashin gaba, a kuma ƙara cewa za a sanar da shi a rubuce da zarar an tsallake biyan wata ɗaya. Wannan na ƙarshen ya fi yadda ake zato muhimmanci. Da malamin ya ji labari a wata na shida, lokacin da abin da aka makara da shi 148,000 ne kuma akwai sauran siminti a shago, da zai iya zaunar da abokinsa a sayar da abin da ya rage a rufe bashin kafin ruwa da tara su taru.

Wani bankin zai yarda da waɗannan gyare-gyare, wani zai ce takardarsu ba a taɓa ta. In an ƙi, malamin na da sauran hanya: ya ce wa abokinsa ba zai iya ɗaukar miliyan da ɗoriya ba, amma ga 100,000 rance daga aljihunsa ya ƙara a jari, ya biya lokacin da ya samu. Za a ɗan ji nauyi a ranar, wataƙila a yi sati biyu gaisuwa na sanyi. In kuwa ya zaɓi ya sa hannu, ya karɓi kwafin duk shafin da ya sa wa hannu kafin ya bar ofishin, kuma ranar da aka gama biya ya koma da kansa ya karɓi takardar sallama mai hatimin banki, tare da cak ɗinsa in ya ajiye.